Hoto Ɗaya, Aiki Ɗaya: Yadda Ake Tsara Majigin Koya wa Manoma Adana Wake a Buhun PICS

Da zarar kaka ta yi, malaman gona kan shiga ƙauyuka da na'urar majigi ko manyan takardun hoto domin koya wa manoma yadda za su adana amfanin gona ba tare da ƙwari sun cinye shi ba. Sau da yawa fallayen da ake haskawa an shirya su ne a ofis da manhajar PowerPoint, cike da jimlolin Turanci da alƙaluman kaso cikin ɗari. Manomin da ke zaune a kan tabarma yakan saurara cikin ladabi, ya yi godiya, ya koma gida ya ɗaure buhunsa yadda ya saba. Bayan wata uku sai a tarar da waken ya zama gari, a ɗora laifin a kan buhu.

Adana hatsi aikin hannu ne, saboda haka fallen majigi ba wurin zuba bayani ba ne. Bayani aikin bakin malami ne. Abin da ake so falle ya yi shi ne ya nuna hannu yana yin abu guda, a fili, ta yadda wanda bai iya karatu ba zai iya kwaikwayonsa a tsakar gidansa. Buhun PICS misali ne mai kyau, domin ko dai ya yi aiki sarai ko ya gaza, kuma bambancin yana cikin 'yan matakai ƙalilan.

Masu binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da wannan dabara tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa ta sosai a Yammacin Afirka da Afirka ta Tsakiya daga shekarar 2007. Buhu uku ne a haɗe: ledoji biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ana samun mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Ba a zuba magani ko kaɗan. Idan an ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke cikin waken su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Duk darasin ya rataya ne a kan abu ɗaya da ido ba ya gani, wato iska, kuma a nan mai tsara hoto ke fara shan wahala.

A ɗauki darasi na minti talatin mai fallaye goma sha biyu. Falle na farko bai kamata ya zama sunan taro da tambarin hukuma ba. Hoton tafin hannu biyu ya fi: ɗaya ɗauke da wake mai tsabta, ɗaya da wake mai huji da farare-fararen ƙwai manne a jikinsa. Babu manomin da ke buƙatar fassarar wannan. Amma akwai tarko a nan. Masu zane suna son faɗaɗa ƙwaron wake har ya cika allo, alhali a zahiri bai kai ƙwayar wake girma ba. Wanda bai saba da hoton da aka faɗaɗa ba zai iya cewa irin wannan dabba ba ta zuwa rumbunsa. Maganin haka shi ne a bar ƙwaron zaune a kan ƙwayar wake, ƙwayar kuma a kan tafin hannu, domin ido ya samu abin gwadawa.

Batun iska kuwa, zanen kibiyoyi da alamomin sinadarai ba ya isar da saƙo. Abin da ya fi shi ne hotuna biyu a jere: kyandir yana ci, sannan kyandir ɗin an kifa masa kofin gilashi ya mutu. Kowa ya san wuta ba ta ci idan an rufe ta. Malami sai ya ce da baki cewa ƙwaro ma haka yake, ya kuma kunna kyandir na gaske a gaban jama'a ya kifa masa kofi. Daga wannan lokaci, duk matakin da ya biyo baya yana da dalilin da manomi ya gani da idonsa.

Kafin a kai ga buhu akwai bushewa. Littattafai kan ce kada danshin hatsi ya wuce kashi 13 cikin ɗari, amma rubuta wannan adadi a allo ba ya amfanar wanda ba shi da na'urar awo. Gwajin gishiri ya fi dacewa da hoto, kuma fallaye biyu sun ishe shi. A na farko ana ganin busasshiyar kwalbar gilashi an zuba mata hatsi har kashi ɗaya cikin uku, ana ƙara cokali biyu ko uku na gishiri. A na biyu ana ganin kwalabe biyu bayan an girgiza na minti ɗaya an ajiye na kimanin minti 15: ɗaya gishiri ya manne a jikinta, da hoton rana a gefe, ma'ana a koma shanya, ɗaya jikinta fes, da hoton buhu a gefe. Abu biyu ne hoto ba zai faɗa ba, dole malami ya faɗe su. Na ɗaya, gishirin kansa sai an shanya shi ya bushe ƙarau, in ba haka ba zai manne ko da hatsin ya bushe. Na biyu, gwajin yana nuna danshin da ya haura wajen kashi 15 ne, don haka hatsin da ya tsallake gwajin da ƙyar gara a ƙara masa rana. Hatsi mai danshi idan aka rufe shi a leda yakan yi funfuna ya yi tsami.

Sai matakan buhun kansa, waɗanda su ne zuciyar darasin. Falle ɗaya na duba leda: mutum ya cika ta da iska kamar balan-balan, ya riƙe bakinta ya danna, yana sauraron inda iska ke fita. Falle ɗaya na zura leda cikin leda, a zura su cikin buhun saƙa, a naɗe bakunansu waje. Falle ɗaya na zubawa, ana girgiza buhun domin waken ya zauna, a kuma bar sarari a sama wanda zai isa murɗawa.

Ɗauri shi ne inda aka fi kuskure, kuma shi ne inda masu tsara majigi suka fi rowar fallaye. Sukan sa hoto ɗaya na buhu a ɗaure su rubuta a ƙasa cewa a ɗaure kowanne dabam. Manomin da ya ga buhu da igiya ɗaya a wuya zai haɗa bakuna ukun ya ɗaure su lokaci guda, domin abin da hoton ya nuna masa ke nan. Ɗauri yana buƙatar fallaye uku cur. A na farko, hannu ya danne ledar ciki ya fitar da iska, ya murɗe bakinta, ya lanƙwasa shi gida biyu, ya ɗaure, alhali leda ta biyu da buhun waje suna nan a buɗe ana ganinsu. A na biyu an yi wa leda ta biyu haka a kan ta farko. A na uku aka ɗaure buhun saƙa. Tun da ledojin biyu kamarsu ɗaya a hoto, yana da kyau a yi amfani da igiya mai launi dabam ga kowane ɗauri lokacin ɗaukar hoton, sai dai a gaya wa jama'a cewa launin igiyar ba sharaɗi ba ne, don kada wani ya tafi kasuwa neman jar igiya.

Hoton kyamara ya fi zane a waɗannan matakai, matuƙar an ɗauke shi daga kusa, daga inda idon mai aikin yake, a gaban bango marar tarkace. Idan akuya ko babur ya shiga hoton, rabin masu kallo a kansa za su tsaya. Zane kuwa yana da amfani a wuri ɗaya: nuna buhun kamar an tsaga shi tsaye, ana ganin bango uku da wake a tsakiya. Ko shi ma sai an yi hattara, domin akwai mai iya ɗauka cewa ana nufin a yanka buhun. Gara a sa shi bayan an riga an nuna buhu na gaske hannu da hannu.

Akwai wani abu da masu karatun boko kan manta. Idan aka jera hotuna uku a falle ɗaya, suna ɗauka kowa zai fara daga hagu. Wanda ya yi karatun allo ya saba da ajami, idonsa daga dama yake farawa, sai ya ga matakan a juye. Jeri daga sama zuwa ƙasa ya fi aminci, tare da manyan lambobi 1, 2, 3, waɗanda kusan kowa ya sani daga takardar kuɗi da wayar hannu. Kalmomin da za a rubuta kada su wuce biyu ko uku, cikin harshen wurin, kamar "Ɗauri na farko". Amfaninsu shi ne tuna wa malami abin da zai faɗa da kuma taimaka wa ɗan makarantar da zai karanta wa iyayensa takardar a gida.

Hoton abin da ba a so a yi ya fi kowanne haɗari. Ana so a hana manoma zuba fiya-fiya a cikin wake, kuma dalilin babba ne: ban da cutar da masu ci, ragowar irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Amma hoton mutum yana zuba magani da ɗan jan gicciye a kusurwa zai iya zama darasin yadda ake zubawa ga wanda bai lura da gicciyen ba. Idan har za a nuna, a sa shi shi kaɗai a falle, jan layi ya ratsa hoton gaba ɗaya, kuma kada a taɓa saka shi cikin jerin matakai masu lamba, ko cikin takardar da za a raba a tafi da ita gida inda babu mai bayani.

Falle na ƙarshe na ajiya ne: buhuna a kan katako, nesa da bango, cikin inuwa, ɗaki a share saboda ɓeraye, domin ɓera ɗaya ya huda leda aikin ya lalace. Tsawon lokaci ana nuna shi da jerin jinjirin wata a saman buhu ɗaurarre, malami ya ƙara da cewa ba buhun buɗewa kullum a ɗebi na tuwo ba ne. Na ci a ware shi dabam.

Kafin a fita da fallayen, a gwada su a kan manoma biyar ko shida, maza da mata, waɗanda ba su taɓa ganin buhun ba. Kada a tambaye su ko sun gane, domin kunya za ta sa su ce sun gane. A miƙa musu buhu da igiya uku da wake, a haska fallayen ba tare da cewa uffan ba, a zuba ido. Fallen da hannunsu ya tsaya a kansa, ko suka yi wani abu dabam, shi ne za a sake ɗauka. A kuma buga fallayen a manyan takardu a tafi da su, domin hasken majigi ba ya fitowa a ƙarƙashin bishiya da rana tsaka, kuma darasin mata a cikin gida yawanci ba a inda janareta yake ake yin sa ba.