Dalilin da Agogon Waya ke Saɓawa Bayan Tafiya

Wayar salula tana riƙe ne da lokaci guda na duniya, wanda ake kira UTC, sannan ta ƙara masa ko ta rage masa sa'o'i gwargwadon shiyyar da take zaton tana ciki. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban wannan lokaci da sa'a 1, Ghana tana daidai da shi, Saudiyya kuwa tana gabansa da sa'o'i 3. Saboda haka maniyyacin da ya tashi daga Kano ya sauka Jidda da ƙarfe 6 na yamma zai ga wayarsa na nuna ƙarfe 4 muddin ba ta gane cewa ta sauya shiyya ba, alhali agogon cikinta lafiyarsa lau. Alamar gane wannan matsala ita ce kuskuren yakan zo da cikakkun sa'o'i, mintoci kuma suna nan daidai.

Hanya ta farko da waya ke gane shiyya ita ce ta kamfanin sadarwa, domin idan layi ya kama sabis, turken kamfanin yakan aiko da saƙon da ake kira NITZ, mai ɗauke da lokaci da tazarar wurin daga UTC, ga kuma lambar ƙasa da kowane turke ke sanarwa, wato 621 ga Nijeriya, 420 ga Saudiyya. Sai dai ba wajibi ne kamfani ya aika wannan saƙo ba, kuma layin da ba a buɗe masa aiki a ƙasar waje ba yana iya rasa shi. Hanya ta biyu ita ce ta wurin da wayar take, inda take amfani da tauraron ɗan'adam ko na'urorin Wi-Fi na kusa ta gano matsayinta, ta duba shi a taswirar shiyyoyi. Wannan kuwa ba ya yiwuwa idan an kashe izinin gano wuri.

Babban kuskuren matafiya shi ne tura agogo gaba da hannu ba tare da taɓa shiyya ba. Idan maniyyacin nan ya mayar da ƙarfe 4 ya zama 6 alhali wayar na kan shiyyar Nijeriya, za ta ɗauka UTC ƙarfe 5 ne maimakon 3, kuma daga nan lokutan saƙonni su rikice, lambobin sirri na manhajar tantancewa, masu sauyawa duk daƙiƙa 30, su daina karɓuwa. Gyaran da ya dace shi ne a kunna "Set Automatically" a iPhone, ko "Set time zone automatically" a Android, tare da izinin gano wuri, a kashe wayar a sake kunna ta, idan kuma ta ƙi, a zaɓi shiyyar Riyad da hannu, a bar agogon yadda yake.