Abin da ke Hana Ƙwayoyin Kansa Tsufa

Jikin mutum yana girma, yana kuma warkar da rauni, ta hanyar rabuwar ƙwayoyin halitta: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. An daɗe ana zaton wannan rabuwa ba ta da iyaka, sai a 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a Cibiyar Wistar ta Filadelfiya, suka nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan Adam da aka rena a kwalba sukan rabu sau 40 zuwa 60, daga nan su tsaya. Ba mutuwa suke yi nan take ba. Sai su kumbura, su baje a gindin kwalbar, suna ci suna rayuwa, amma rabuwa ta ƙare.

Dalilin yana cikin kuromosom, wato dogayen zaruruwan DNA guda 46 da ke ɗauke da bayanan gado a tsakiyar ƙwaya. Kowane zare yana da baki biyu, kuma a kowane baki akwai wani yanki da ake kira telomiya. A jikin mutum haruffa shida ne, TTAGGG, a jere suna maimaita kansu sau dubbai. Aikinsu irin na ɗaurin bakin tabarma ne, wanda ke hana saƙar warwarewa. Idan babu telomiya, sai ƙwaya ta ɗauki ƙarshen zaren a matsayin karaya, ta yi ƙoƙarin liƙa shi da wani.

Kafin ƙwaya ta rabu dole ta kwafi dukkan DNA ɗinta, amma sinadarin da ke kwafin ba ya iya kaiwa can ƙarshen zaren. Don haka kowace rabuwa tana cin ɗan guntu daga telomiya. A ɗauki ƙwayar da ta fara da haruffa 10,000, tana asarar kimanin 100 a kowace rabuwa. Bayan rabuwa 50 ta rasa 5,000, rabin abin da ta zo da shi ke nan. Ba sai duka bakunan 92 sun gajarce ba. Da zarar 'yan kaɗan sun yi gajarta ainun, wani furotin mai gadi da ake kira p53 zai ga alamar lalacewa, ya dakatar da rabuwa. Wannan kariya ce babba, domin ƙwayar da ta fara kauce hanya takan ƙarar da telomiyarta tun kafin ta zama ƙari mai haɗari.

To yaya jariri ke zuwa da telomiya mai tsawo, alhali iyayensa sun manyanta? A ƙarshen 1984, Carol Greider da malamarta Elizabeth Blackburn suka gano amsar a jikin wata 'yar halittar kududdufi. Wani sinadari ne, telomiras, wanda ke yawo da ɗan samfurinsa na RNA, yana amfani da shi wajen ƙara haruffan a bakin zaren. Binciken telomiya ne ya sa suka samu kyautar Nobel a 2009, tare da Jack Szostak. Telomiras yana aiki sosai a ƙwayoyin da ke samar da maniyyi da kuma ɗan tayi a farkon samuwarsa, yana kuma ɗan taɓawa a ƙwayoyin ɓargo da hanji da fata masu sabunta jiki. A yawancin sauran ƙwayoyin babba, a kashe yake.

Ƙwayar kansa kan fara da lalata masu gadi irin su p53, sai ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Telomiya ta ci gaba da zaizayewa har kuromosom su riƙa mannewa da juna suna tsinkewa, kuma a nan mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi ke mutuwa. Amma jefi-jefi sai ɗaya ta yi dacen kunna telomiras, daga nan ba ta da sauran iyaka. Kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na cututtukan kansa ta nan suke bi, akasarin sauran kuma suna kwafar telomiya daga wasu kuromosom. Ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗebo daga kansar bakin mahaifar Henrietta Lacks a Baltimore a 1951, har yau suna rabuwa a ɗakunan bincike na duniya.

Toshe telomiras don magance kansa ya yi wuya fiye da yadda aka zata. Ko an toshe shi, sai ƙari ya rabu sau da dama kafin telomiyarsa ta ƙare, kuma ɓargo na shan wahala saboda shi ma yana buƙatar sinadarin. Waɗanda aka haifa da raunin telomiras kuwa, ɓargonsu kan gaza da wuri, huhunsu kuma ya yi tabo. Don haka idan mai talla ya ce maka maganinsa na tsawaita telomiya ya dawo da ƙuruciya, ka tambaye shi ta yaya maganin zai bambance lafiyayyar ƙwaya da wadda ta fara zama kansa.