Godiyar mai gida ga ɗan haya: Shekara tara babu bashi, ya samu rangwamen naira 200,000

Da mai gidan ya aiko cewa zai zo bayan La'asar, malamin makarantar da ke haya a gidansa a unguwar Hotoro da ke Kano ya kasa cin abincin rana. Saura wata bakwai kuɗinsa ya ƙare, kuma ya san yadda irin wannan ziyara ta ƙare wa maƙwabtansa biyu. Ɗaya ƙarin kuɗi aka lafta masa, ɗaya kuma takardar tashi aka miƙa masa.

Dattijon, wanda tsohon ɗan kasuwa ne, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, aka gaisa, sannan ya shiga maganar da ta kawo shi.

"Malam, godiya na zo yi maka. Shekara tara ban taɓa aiko yaro ya tuna maka kuɗina ba. Ina so ka ci gaba da zama, ga kuma abin da na yanke."

Malamin yana biyan naira 600,000 a shekara a kan ɗaki uku da falo. Wani dillali ya riga ya shaida wa mai gidan cewa yana da wanda zai biya 900,000. Amma dattijon ya ce 700,000 kawai yake nema, ba zai ƙara ko kwabo ba har shekara biyu, kuma a biya kuɗin kowace shekara kashi biyu. Ya kuma ce a cire naira 85,000 da malamin ya kashe wajen gyaran rufin da ya yi yoyo da damina da kwashe masai.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri," abin da malamin ya iya faɗa ke nan.

Lissafin da dillali bai yi ba

Wanda ya ji labarin zai ce mai gidan ya yi asarar naira 200,000 kowace shekara, wato 400,000 a shekara biyu. Sai dai shi ya yi nasa lissafin tun kafin ya fito daga gida.

Idan malamin ya tashi, ba za a sa sabon mutum a gidan da aka shekara tara a ciki ba sai an yi fenti, an sauya famfunan da suka gaji da makullan ƙofofi. Mai fenti da mai gyaran famfo sun ƙiyasta masa kusan naira 250,000. Sannan tsakanin gyara da jiran wanda zai biya kuɗin a dunƙule, ya sa wata uku gida na rufe. A sabon farashi kowane wata naira 75,000 ne, wata uku 225,000 ke nan. Jimla 475,000, wadda ta zarce ribar shekara biyun da ake kwaɗaita masa.

Wannan kuma idan an yi dace da mutumin kirki ne. Idan sabon ya biya shekarar farko ya cije a ta biyu, fitar da shi ba aikin kwana ɗaya ba ne. A ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar shekara-shekara na da haƙƙin sanarwar wata shida. Bayanta akwai ta kwana bakwai, sannan a shiga kotu, a yi ta ɗage zama ana biyan lauya.

Shi kuwa dillali, la'adarsa da aka saba, kashi 10 cikin 100, daga sabon shiga take fitowa. A nan naira 90,000 ce. Idan tsohon ɗan haya ya sabunta, yawanci ba ya samun komai.

Da me aka auna malamin?

Ba fara'a ko yawan gaisuwa mai gidan ya duba ba. Abu na farko shi ne rasit: tara ne, kuma babu wanda kwanan watansa ya wuce ranar biya da fiye da mako ɗaya.

Na biyu, takardar wuta. Bashin lantarki a kan mita da gidan yake zama, don haka idan ɗan haya ya tara shi ya gudu, mai gida ne ke shan wahalar warware shi. Na malamin babu ragowar ko sisi.

Na uku, yadda yake yi idan abu ya lalace. Da rufi ya fara yoyo, ya kira mai gidan tun silin bai jiƙe ba, suka daidaita a kan kuɗin gyara, ya ajiye rasit ɗin kwano da ladan kafinta. Yoyon da aka tare da kwano biyu, in an bar shi damina guda, sai ya ci katako da silin.

Me ya sa sai da aka rubuta?

Malamin ya ce ai maganar Alhaji ta isa. Alhajin ne ya ƙi. Ya ce shekarunsa sun ja, kuma 'ya'yansa ba su wajen lokacin da ya yi alƙawarin.

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Arewa, yarjejeniyar haya ba ta warwarewa don mai gida ko ɗan haya ya rasu, magada za su cika wa'adin. Amma sai an tabbatar da abin da aka ƙulla, kuma maganar da aka yi a kan tabarma tana da wuyar kafa hujja ranar rabon gado.

Don haka suka rubuta shafi guda: ranar farawa da ranar ƙarewa, adadin kuɗi, ranakun biyan kashi biyun, da kuɗin gyaran da aka cire, wanda ya mayar da biyan farko naira 265,000 maimakon 350,000. Suka fayyace cewa rufi da masai da bango na mai gida ne, ƙwan fitila da famfo da kuɗin wuta na ɗan haya. Shaidu biyu suka sa hannu, ɗaya babban ɗan mai gidan ne, kowa ya riƙe kwafi.

Sa hannun malamin ma yana da muhimmanci. A doka, ƙarin kuɗin haya tayi ne, ba ya hawa kan ɗan haya sai ya amince.

Rangwame ma yana da iyaka

Malamin ya so a ce shekara biyar. Mai gidan ya tsaya a kan biyu, kuma yana da dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ga yadda siminti da kwano suka yi tashin gwauron zabo. Kuɗin da ya isa gyara bana, ba lallai ya isa nan da shekara huɗu ba, kuma mai gidan da ya ji an cuce shi yakan daina gyara, zama ya yi tsami. Bayan haka, hayar da ta wuce shekara uku a doka tana buƙatar cikakkiyar takardar yarjejeniya irin wadda lauya ke tsarawa, da rajista.

Lissafin kansa yana iya juyawa. Da a ce tazarar da ke tsakanin abin da malamin zai biya da farashin unguwa ta kai 400,000 a shekara, to da shekara biyu ta cinye kuɗin fenti da na watannin jira, har da ragi. Shi ya sa suka rubuta cewa za su sake zama wata bakwai kafin wa'adi ya cika, domin in ba a daidaita ba, malamin ya samu lokacin neman wani gida ba tare da an cire 'ya'yansa daga makaranta a tsakiyar zango ba.

Da aka kira Magariba suka tafi masallacin unguwa tare. Malamin ya naɗe takardarsa ya sa a aljihun gaba.