Kwana ko Jeka-ka-dawo: Jawabi ga Taron Iyayen Yara



An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan tambayar da ke taso wa kowane gida idan yaro ya gama firamare: a kai shi makarantar kwana, ko a bar shi a jeka-ka-dawo? Abin da zan fara cewa shi ne, a cikin aji babu wani bambanci. Manhaja ɗaya ce, kuma WAEC da NECO da JAMB ɗin da ɗan kwana zai rubuta, su ne ɗan jeka-ka-dawo zai rubuta. Bambancin yana farawa ne da an buga ƙararrawar tashi, wajen ƙarfe biyu na rana, har zuwa lokacin da yaro zai kwanta. Awa takwas ke nan a kullum. Wa ke riƙe da ɗanka a cikinsu, kuma me yake yi? Amsar wannan ita ce za ta zaɓa maka makaranta.

A makarantar kwana mai tsari, waɗannan awanni a rabe suke. Akwai abinci, akwai ɗan hutu, akwai wasanni bayan la'asar, sannan firef na dare, inda yaro zai zauna a aji da littafinsa ko yana so ko ba ya so. Ko awa biyu kawai yake yi, a zangon karatu na mako 13 ya tara fiye da awa 150 na bita. Wannan tsari ya taimaka wajen fito da sunan Kwalejin Barewa ta Zariya, da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a Kano a 1977. Amma ku lura, na ce mai tsari. Idan babu wuta da dare, malamin da ke kan aiki kuma ya tafi gidansa a cikin gari, firef ya zama hira. Ɗakin kwana kuma sai ya koma hannun siniyoyi, su sa ƙananan yara wanki da ɗibar ruwa, su ƙwace musu gari da sukari, wani lokaci ma abin ya wuce nan zuwa abin da baki ba zai iya faɗa a taro ba.

Ɗan jeka-ka-dawo shi kuma yana da abin da kuɗi ba sa saye. Yana cin tuwon gidansu maimakon gabza, yana zuwa Islamiyya da yamma, kuma idan fuskarsa ta canza uwarsa za ta gani a ranar. Sai dai awannin nan takwas suna wuyanmu ne. Idan ya dawo aka tura shi shago, daga nan majalisa ko gidan kallon ƙwallo, ya kwana yana latsa waya, to littafinsa sai gobe a aji. Ita kuma yarinya, wanke-wanke da girki da raino ko talla suna iya cinye yinin ba tare da kowa ya yi niyyar cutar da ita ba. Gidan da zai iya ware wa yaro awa ɗaya da rabi bayan isha'i, da fitila, da babba mai duba littafinsa, ya riga ya samu rabin amfanin makarantar kwana.

Sai maganar kuɗi. Da yawanmu muna ganin jeka-ka-dawo ta fi sauƙi saboda kuɗin ba sa fita a dunƙule. Mu yi lissafi da misali. A ce kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da dawowa naira 600 ne, kuɗin tara kuma 300. Zango ɗaya yana da kwanakin makaranta kimanin 65. Kuɗin mota ya kama 39,000, na tara 19,500, jimilla 58,500, ba a sa abincin gida da kuɗin lesin ba. Kowa ya sa farashin unguwarsu ya gani. A ɗaya ɓangaren a rubuta kuɗin makarantar kwana, da katifa da bokiti da akwati, da kayan shayi da ƙuli-ƙuli da yaji na kowane zango, da kuɗin motar ranar ziyara. Wanda makaranta ke bayan gidansa, yaro na tafiya da ƙafa, jeka-ka-dawo ta fi masa araha nesa ba kusa ba. Wanda kuma sai ɗansa ya hau mota biyu, ko mutumin ƙauyen da ba shi da babbar sakandare kusa, yana iya tarar da cewa kwana ce mai sauƙin.

Ba zan tsallake tsaro ba, domin shi ne a ran kowa. Ba mu manta da Chibok a 2014 ba, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021. Duka makarantun kwana ne, kuma bayansu jihohi da dama sun rufe wasu, sun mayar da wasu jeka-ka-dawo. Amma a Kuriga ta Jihar Kaduna, a Maris na 2024, da safe aka kwashe yaran da daga gidajensu suka zo. Ashe abin dubawa shi ne inda makarantar take. Tana cikin gari ko bakin daji? Katangarta a kewaye take? Akwai sabis na waya? Idan wani abu ya faru da tsakar dare, minti nawa jami'an tsaro za su yi kafin su iso?

Kafin ku biya ko sisi, ku je da ƙafarku, kuma ba ranar ziyara ba, domin ranar an yi shara an gyara miya. Gani ya kori ji. Ku shiga ɗakin kwana ku ƙirga gadaje, ku ɗaga katifa ku duba kuɗin cizo, ku ga tagogi. Cunkoso a lokacin zafi shi ne abokin sanƙarau. Ku leƙa banɗaki, ku buɗe famfo, ku tambayi wane malami ne ko wace metiron ce ke kwana kusa da yara, kuma wa ke ba da magani idan zazzaɓi ya kama yaro da dare.

Sannan a dubi yaron kansa. Ɗan shekara 11 da bai iya wanke kayansa ba, ko mai fitsarin kwance, ko mai sikila ko asma, a bar shi kusa da gida tukuna. Shawarata ga mafi yawan gidaje ita ce yaro ya yi ƙaramar sakandare a gaban iyayensa, idan ya kai shekara 14 ko 15, ya san ciwon kansa, ya iya cewa a'a, sai a duba yiwuwar kwana a shekaru ukun ƙarshe, lokacin da manyan jarrabawa ke tafe.

Duk wadda kuka zaɓa, akwai alamun da ke nuna ba a dace ba. Ɗan kwana da ya dawo hutu a rame, da ƙazuwa a hannu, kayansa kullum "sun ɓace", ko ya riƙa ƙirƙiro ciwo idan ranar komawa ta matso, a zaunar da shi a keɓe a tambaye shi a hankali. Ɗan jeka-ka-dawo kuma a buɗe littattafansa a duba kwanan wata. Idan aka ga mako guda babu rubutu, ko yana dawowa bayan magariba alhali an tashi tun azahar, a zo makaranta gobe da safe a nemi malamin ajinsu. Canza wa yaro makaranta a ƙarshen zango ba abin kunya ba ne.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mana su a gida da makaranta.