Hinjin Ƙofa: Auna Gurbinsa Kafin Ka Tafi Kasuwa

Mai shagon kayan gini a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, idan ka ce masa "ba ni hinji", tambayar da zai jefo maka ita ce: "Wane iri, Alhaji? Inci nawa?" A nan yawanci ake yin shiru, sai a ɗaga yatsu biyu a gwada tsawo a iska. Shi kuma ya miƙo wanda ya fi kusa da hannunsa, ka biya, ka koma gida, ka tarar ƙarfen da ka sayo bai san ƙofarka ba. Abin da ke jawo wannan shi ne, ƙofar da aka taɓa sa wa hinji ta riga ta zaɓi irin wanda za ta karɓa. Kafintan farko ya fafe katako, ya huda ramuka, kuma waɗannan ramukan su ne ma'auni.

Hinji iri biyu ne, kuma rabe su ba ya buƙatar ko sukurudireba. Rufe ƙofar, ka tsaya ta ɓangaren da take buɗowa. Idan ka ga wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai gaɓoɓi a tsaye tsakanin ƙyaure da firam, to hinji mai fiffike ne: falle biyu na ƙarfe, ɗaya a gefen ƙyaure, ɗaya a jikin firam, da sanda a tsakiya da suke juyawa a kanta. Shi ne a ƙofofin ɗakuna da banɗaki a yawancin gidajenmu. Idan kuwa ƙofa a rufe ba ka ga komai ba, sai ka buɗe. Za ka ga wani zagayayyen kofi na ƙarfe a nutse cikin bayan ƙyauren, da hannu da ya miƙe daga kofin ya hau kan wani faranti a jikin bangon kabad daga ciki. Wannan shi ne ɓoyayyen hinji, na kabad ɗin kicin da wadirob. Akwai wani ɓoyayye na daban da ake nutsarwa gaba ɗaya cikin kaurin ƙyauren manyan ƙofofi a otal-otal da gidajen zamani. Shi kam kowane kamfani da girman raminsa, don haka lambar da ke jikinsa za ka kwafa, ka nemi irinsa sak. Ƙofar ƙarfe da aka yi wa walda kuwa, mai walda za a kira.

Kafin ka ɗora wa hinji laifi, ka buɗe ƙofar rabi, ka kama bakinta ka ɗan ɗaga sama, kana kallon hinjin sama. Idan fiffiken ne ke motsi a jikin katako, sukurori ne suka saki, ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Maganin wannan ba ya kasuwa: ka cire sukurun, ka cusa ɗan siririn katako da gam a ramin, ya bushe, ka mayar. Amma idan fiffiken na nan daram, gaɓoɓin ne ke wasa a kan sanda, ko ka ga baƙin garin ƙarfe na zuba a ƙasansu, to ya cinye, canji ya kama. Haka nan ƙofar da ke cijewa da damina ta sake da hunturu, katako ne ke shan danshi yana kumbura, sabon hinji ba zai hana ta ba.

Mu ɗauki ƙofar ɗaki mai hinji uku. Ka cusa wani abu a ƙarƙashin ƙyauren ya ɗauki nauyinsa, sannan ka kwance na tsakiya kawai, ƙofar za ta zauna a kan sauran biyun har ka dawo. Shimfiɗa shi a buɗe a kan tebur. Awon farko shi ne tsawon fiffike daga sama zuwa ƙasa, ban da kan sandar da ya leƙo. Awo na biyu shi ne faɗinsa a buɗe, daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan, har da gaɓoɓin tsakiya. A jikin kwali tsawo ake fara rubutawa, faɗi ya biyo. To a ce ka sami inci 4 a tsawo, inci 3 a faɗi. Wannan shi ne 4 x 3, wato kamar milimita 102 da 76. Sai dai a kula, wasu masana'antu na yin nasu milimita 100 da 75 cif, a kasuwa kuma duk inci huɗu ake kiransu. Milimita biyun nan ba za su dame ka ba idan sabon ne ya fi gajarta. Idan shi ya fi tsawo, ba zai shiga gurbin ba sai an ƙara sara da cizal. Saboda haka ka auna gurbin da ke jikin ƙyauren shi ma, da milimita.

Awon da kusan kowa ke mantawa da shi shi ne kaurin fiffike, kuma shi ya fi ɓata aiki. Akwai mai milimita 2, akwai 2.5, akwai 3. Ƙa'idar ita ce fiffike ya kwanta a gurbinsa daidai da fuskar katako, kada ya ɗago, kada ya nutse. Ka ce tsohon mai milimita 2 ne, kai kuma ka ga mai 3 ya fi kwarjini ka saya. Kowane fiffike zai ɗago da milimita ɗaya, biyun su tura ƙyauren milimita biyu zuwa wajen makulli. Tazarar da kafinta ke bari a wajen ba ta cika wuce milimita biyu zuwa uku ba, sai ka ga ƙofa na gogar firam, sai an sa mata kafaɗa. Akasin haka ya fi muni. Idan ka sa siriri a gurbi mai zurfi, katakon ƙyaure zai daki na firam kafin ƙofar ta gama rufuwa, ta riƙa dawowa da kanta kamar ana turo ta daga ciki, kuma duk lokacin da aka danna ta da ƙarfi sukurori ake tumɓukewa a hankali. Wannan ana gyara shi da ɗan kwali da aka yanka daidai gurbin, a sa a bayan fiffiken. Na farkon kuwa sai an ƙara zurfin gurbi.

Saura kusurwa da ramukan sukuru. Wasu hinjin kusurwarsu a miƙe take, wasu a lanƙwashe, musamman a ƙofofin da aka shigo da su da firam ɗinsu, waɗanda inji ya fafe. Mai kusurwa miƙaƙƙiya ba ya shiga lanƙwasasshen gurbi. Ramukan sukuru kuma ba lallai su zo ɗaya ba ko da girma ya yi daidai. A ganina gara ramin da ya kauce sosai da wanda ya kauce kaɗan, domin sabon sukurun da ya faɗa gefen tsohon rami zamewa yake yi ya koma ciki, ya ja hinjin a karkace. A shago ka ɗora tsohon a kan sabon, ka ɗaga su wajen haske, ramukan za su faɗa maka gaskiya. In kuma za ka canza, canza ukun tare, don sandunansu su tsaya a layi ɗaya.

Ɓoyayyen hinjin kabad lissafinsa daban ne. Tsawo ba ya cikin magana. Abu na farko faɗin ramin kofi: mafi yawa milimita 35 ne, ƙananan ƙofofi na da mai 26, masu kauri sosai na da mai 40. Zurfin ramin yakan kai milimita 11 zuwa 13, a jikin allon da kaurinsa 16 ko 18 ne kawai, don haka kofin da ya fi ramin zurfi ba abin wasa ba ne, ƙara huda kaɗan sai ka ɓullo ta fuskar ƙofar. Abu na biyu tazarar sukurori biyun da ke gefen kofin, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Na kamfanin Blum milimita 45 ne, na Hettich 52, da yawa daga cikin na China kuma 48. Wannan ya fi damun mai kabad ɗin da aka yi da allon garin katako, domin irin allon nan ba ya yafe rami biyu kusa da juna, marmashewa yake yi.

Abu na uku shi ne wanda ke mayar da mutane kasuwa: yadda ƙyauren ke zama a jikin kabad. Dubi hannun hinjin ta gefe. Idan a miƙe yake, ƙyauren na rufe kusan dukkan kaurin bangon kabad ne. Idan yana da ɗan doro, rabin bangon yake rufewa, abin da ake yi inda ƙofofi biyu suka raba bango ɗaya a tsakiya. Idan doron babba ne, ƙyauren na shigewa ciki ne tsakanin bangwaye, fuskarsa daidai da bakinsu. Kofinsu duka ɗaya ne, kowanne zai shiga ramin 35 lafiya lau, shi ya sa ake ruɗewa.

Ga yadda za ka tabbatar ko da tsohon ya karye har ba a gane siffarsa. A ce kabad ne mai ƙofa uku a jere, ta tsakiya ta faɗo. Bangon kaurinsa milimita 18. Ka rufe maƙwabciyarta da suka raba bangon, ka ja layi da fensir a bakin bangon, kana bin gefen ƙyauren. Buɗe, ka auna daga layin zuwa fuskar bangon ta ɓangaren maƙwabciyar, wato iya abin da ƙyauren ya rufe. Ka sami milimita 8. To mai ɗan doro kake nema: takwas na wannan, takwas na waccan, biyu su zama tazara. Da ka sami 15 ko 16, da mai miƙaƙƙen hannu ne. Idan ka yi kuskure ka sa mai miƙaƙƙen hannu a nan, ƙofar za ta hau gurbin maƙwabciyarta, su riƙa karo. Sukurun daidaitawa da ke jikin hannun kuwa kamar milimita biyu kawai yake iya matsar da ita kowane gefe, ba zai cike giɓin takwas ba.

Ka sayi hinjin tare da farantinsa, kada ka ce tsohon faranti na nan da kyau. Wani hannun zura shi ake yi a ɗaure da sukuru, wani danna shi ake yi ya kama, kuma na kamfani ɗaya ba ya cika hawa na wani. Ramukan farantin dai galibi ba sa ba da wahala, milimita 32 ne tsakaninsu, suna kuma milimita 37 daga bakin bango. Masu shago za su tallata maka mai rufewa a hankali, wanda ba ya buga ƙofa. Yana da daɗi, kuma yana shiga rami iri ɗaya, amma idan ƙyaure na da hinji biyu, ka canza biyun, kada ka haɗa sabo mai ƙarfin sifirin da tsohon da ya gaji. Ƙofar kabad ɗin kwana, wadda ke buɗewa har ta kusa kwanciya, nata hinjin mai digiri 165 ne ko kusa da haka, mai ƙaton hannu mai gaɓa, na yau da kullum kuwa wajen digiri 95 zuwa 110 yake tsayawa.

Ran zuwa kasuwa, ka sa tsohon hinji da farantinsa da sukuru ɗaya a leda, ka rubuta awon gurbin a takarda, ka ɗauki hoton bayan ƙyauren a waya da tef a shimfiɗe kan ramin. Sukurun da ke zuwa cikin kwalin masu araha sau da yawa gajeru ne, kansu kuma na lalacewa da murɗa biyu. Na ƙofar ɗaki, ka nemi masu tsawon inci ɗaya da kwata, waɗanda kansu ke nutsewa daidai cikin ramin fiffike, don idan kai ya ɗago zai daki na ɗaya fiffiken ya hana ƙofa rufuwa. Na kabad kuwa kada su wuce milimita 15 ko 16, in ba haka ba tsininsu zai leƙo ta fuskar allon.