NFS ko iSCSI: Wanne Ya Fi Sauri?

Na'urar kwaikwayo, wato kwamfutar da ke gudana a cikin wata kwamfutar, galibi faifanta fayil guda ne. Masu kula da sabar sukan ajiye shi a ma'ajiya ta daban.

Da NFS, ma'ajiyar ce ke riƙe da fayil ɗin, don haka kwafarsa ba wuya. Sai dai in an saita ta da `sync`, kowane rubutu sai ya jira ta tabbatar ya sauka, abin da ke gajiyar da rumbun bayanai mai yawan ƙananan rubuce-rubuce. Shi kuwa iSCSI ɗanyen faifai yake miƙa wa sabar, yakan rage wannan jira, amma raba shi tsakanin sabar biyu sai da tsari na musamman irin VMFS, in ba haka ba bayanai su lalace.

Dukansu biyu, layin gigabit 1 ba ya wuce megabait 125 a daƙiƙa. In layinka ke nan, shi za ka fara sauyawa.