Yadda Ake Gane AirPods na Jabu Tun Daga Hoto

Cinikin kayan waya da yawa yanzu a WhatsApp ake ƙulla shi: mai kaya ya turo hoto, mai saye ya tura kuɗi. A wajen AirPods, wato iyafis marar igiya na kamfanin Apple, nan ne ake yawan cin kuɗin mutane, domin masu kwaikwayo sun ƙware har kwali da rubutu suna fitarwa sak. Hoto yana iya tona asirin jabu, amma ba ya iya tabbatar da na asali. Saboda haka aikin mai saye shi ne neman inda kayan suka ƙaryata kansu.

A ce wani ya turo maka hoto ya ce AirPods Pro 2 ne. Fara da gidan cajin. Wannan samfuri ya fito a 2022, kuma gidansa yana da abubuwa biyu da na farko, na 2019, ba shi da su: 'yar kafar maƙala igiya a gefe, da ƙananan hujojin sifika a ƙasa kusa da ramin caji. Idan babu su, ba Pro 2 ba ne, komai aka rubuta a kwali. Sannan ka dubi inda murfi ya haɗu da jiki. A na asali layin siriri ne, daidai yake daga gefe zuwa gefe. Murfin da ya karkace ko ya bar giɓi alamar aikin gaggawa ne.

Sai 'yar fitilar gaba. Launi uku kaɗai take nunawa: kore idan caji ya cika, ruwan goro idan bai cika ba, fari mai ƙyaftawa idan ana shirin haɗawa da waya. Ka ga shuɗi ko ja, magana ta ƙare. Haka nan su kansu na kunnen ba su da fitila ko ɗaya, don haka wanda ke walƙiya a kunne jabu ne. Tunda hoto ba ya nuna motsi, ka nemi gajeren bidiyo a ɗora gidan a kan faifan caji marar igiya. Na asali yakan kunna fitila kamar daƙiƙa 8 ta mutu, alhali cajin na ci gaba. Na jabu da yawa sukan bar ta a kunne, ko haskenta ya riƙa ratsa robar da ke kewaye.

Lamba ita ce ta fi ruɗar mutane. Ana buga siriyal a cikin murfin gidan, kuma mai kaya zai ce maka ka saka ta a checkcoverage.apple.com ka gani da idonka. Za ta iya fitowa lafiya lau, domin masu jabu sukan kwafi lambar na asali guda ɗaya su buga ta a kan kaya masu yawa. Shafin ya shaida cewa akwai lambar ne kawai, bai ga abin da ke hannun mai kaya ba. Idan kuwa ya ƙi gane ta bayan ka rubuta daidai, wannan dalilin ja da baya ne.

Abin da ya fi amfani shi ne gwama lambobi. Ta murfi da ta kwali dole su zo ɗaya. Na kunnen dama da na hagu kuwa kowanne da tasa siriyal, dabam da ta gidan, don haka lamba ɗaya a duka ukun alamar jabu ce. Sannan akwai lambar samfuri mai farawa da A. Gidan Pro 2 mai ramin Lightning A2700 ne, mai ramin USB-C da ya fito a 2023 kuma A2968. To, idan a hoton ƙasa ka ga USB-C, a cikin murfi kuma ka karanta A2700, kayan sun yi baki biyu, ba sai ka nemi wata shaida ba.

Idan duk wannan ya zo daidai, saura gwajin hannu. Tun daga iOS 16, iPhone kan yi gargaɗi idan ta kasa tantance AirPods, ko da yake wasu jabun suna zille mata. Ka shiga Settings, sannan Bluetooth, ka gwama siriyal da ta murfi, ka kuma saurara ko rage hayaniya na aiki da gaske. Mai kayan da ya ƙi turo hoton cikin murfi, ko ya turo mai dishi-dishi, kada ka tura masa ko sisi.